Jaka 60 ɗin nan, riba ce ko ruwa?

A ce dillali a Mayahi yana sayar da moto jaka 480 kuɗi hannu. In biya kaɗan-kaɗan kake so, sai ya ce jaka 540, wato jaka 45 kowane wata har wata 12. Ƙarin jaka 60 ke nan, kashi 12 da rabi cikin ɗari. Da jin haka sai mu ce ai ya fi banki sauƙi, ga shi kuma babu riba irin ta haram.

To amma ku duba, ƴan'uwa. Jaka 480 ɗin ba ta shekara a hannunka ba. Kowane wata kana mayar da kamar jaka 40 na uwar kuɗi, har a wata na ƙarshe 40 kaɗai ta rage. In ka haɗa 480 da 40 ka raba biyu, abin da ka riƙe a tsaka-tsaki jaka 260 ne. Raba 60 da 260, za ka samu kusan kashi 23. Lissafi na ƙwaƙƙwafi yana ba da 22 da ɗoriya. Wanda ya ci bashi da ruwa kashi 22 a shekara, ana lissafa ruwan a kan abin da ya rage, shi ma kusan jaka 45 zai riƙa biya. In kuma dillalin ya karɓi jaka 120 kafin alƙalami, ƙarin yana nan 60, abin ya doshi kashi 30. Ku tuna, a 2014 ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma sun kafa iyakar ruwa: kashi 15 ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun bashi.

Lokacin biya shi ne komai. Manomin Cake da zai biya jaka 540 gaba ɗaya bayan cikar shekara, kashi 12 da rabi ɗin ne da gaske. Wanda ya ɗauka farkon damina ya biya da kaka, bayan wata 6, nasa 25 ne.

Shin duk kanwar ja ce ke nan? Ni ban yarda ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta halatta ƙara farashi saboda jinkirin biya, muddin an yanke farashi ɗaya tun wurin ciniki. Dole moton ya zama mallakar mai sayarwa tukuna, in ya lalace kafin ka karɓa asararsa ce. In damina ta ƙi, ka makara wata uku, bashinka yana nan jaka 540, alhali ruwan banki haihuwa yake yi. Sai dai in ka biya da wuri, ba dole ne ya rage maka ko dala ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai sayarwa da ke amsa tambayar “nawa ne a shekara?” da “ai halal ne”. Ba wannan aka tambaye shi ba. Mutumin da ya zo wurinsa don gudun haram ba ya tayawa sosai, kuma shi ma ya san da haka.