SHIN HALI ZANEN DUTSE NE?

Mu Hausawa mukan ce hali zanen dutse. Da wannan magana mai saurin fushi yake fakewa, ya zagi mutum, ya fasa tukunya, ya ce haka Allah Ya halicce shi. To amma Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani cikin Ihya'u cewa da hali ba ya sauyawa da wa'azi ba shi da amfani, ya kuma kafa hujja da dabbobin da ake horarwa. Wannan hujja na tarar a wasiƙar wani tsoho, kakan maigidana, manomi a wani ƙauye na ƙasar Dambatta, wadda ya rubuta da ajami.

Ga abin da ya jawo ta. A ƙasarmu gona tana manne da gona, gamba ce kawai iyaka. Maƙwabci ya zo huɗa da shanu, garmarsa ta cinye kunya ɗaya daga gonar jikan tsohon. Kunya ɗaya fa! Yaro ya ɗaga hauya, da ƙyar aka riƙe shi. Da aka gama girbi ya tafi cin rani Kano, yana rantsuwa idan damina ta faɗi sai ya rama. Can wasiƙar ta same shi.

"Bayan gaisuwa, ya kai abokina, mijin tsohuwa. Na ji ka ce zuciya ka gada. Gaskiya ne, a wurina ka gaje ta. Amma ka tuna bijiminmu ja. Ranar da aka sa masa igiya a hanci mutum uku ya kayar. Ba mu kai shi gona ranar ba. Sai da ya saba da igiya, sannan aka ɗora masa karkiya tare da tsohon sa mai sanyi, suka yi kwanaki suna jan gungume da sassafe, kaɗan-kaɗan, kafin ya ga garma. Ƙarfinsa bai ragu ba, ya dai koyi tsayawa in an ce tsaya."

Daga nan ya lissafa masa abin yi. Ya ce fushi yana sallama kafin ya shigo: kunne ya yi zafi, murya ta hau, hannu ya damƙe abin da ke cikinsa. Da jin haka, a fara ajiye abin da ke hannu, hauya ce ko sanda. Sai a bi koyarwar Annabi (SAW), a nemi tsari daga Shaiɗan, a yi shiru, in a tsaye ake a zauna, in bai wuce ba a kishingiɗa. Ya ce ko a tsakiyar kunya ne ya zauna, mutum a zaune ba ya sara. Kuma kada ya jira rikicin iyaka kafin ya gwada. Ya fara da jan gungume, wato ranar da tuwo ya makara, ko akuya ta ci masa harawa. Abokan zama ma ya duba, ya nemi tsohon sa, ya rabu da masu ce masa "ai ni ba zan yarda ba".

Inda wasiƙar ta fi kama ni, mai karatu, shi ne bai ce a bar kunyar ba. Ya ce bayan kwana uku ya je wurin mai unguwa, a kira dattawa biyu da suka san gonar, a tona a ga saiwar gamba, don garma takan kwashe ganye amma tushe yana nan. In abin ya gagara, akwai dagaci. Haƙƙi a neme shi, da baki mai sanyi.

Mu mata mun san ɗaya haƙurin, wanda ake ce mana "ki yi haƙuri" alhali nufin a yi shiru ne kurum. Tsohon ya ba da ma'auni, ya ce in ka yi shiru a gona ka dawo gida ka huce a kan matarka da yara, ko ka kwana bakwai kana maimaita maganar a ranka, to ba haƙuri ka yi ba, ajiya ka yi, irin ta rumbun da gara ta shiga.

Wuri ɗaya nake ja da shi. Sa yana da mai riƙe masa igiya, mutum kuwa shi ne san, shi ne mai igiyar, kuma lokacin da ya fi bukatar a ja shi, lokacin ne hannunsa yake rawa. Ina jin shi ya sa bai bar yaron da nasiha kaɗai ba. A ƙasan takardar ya ƙara layi ɗaya, cewa ranar huɗar bana kada ya fita gona sai tare da kawunsa.