Wutar da Ke Lafiya da Dare

A wani bene na kasuwa, inda teloli da masu firiza ke sama, 'yan atamfa ke ƙasa, wuta ta ɗauki wata ɗabi'a. Da la'asar sai ƙwan fitila ya dushe a wani shago, na maƙwabcinsa kuma ya yi haske fau har ya ƙone. Samarin da aka kira sun canja fis, sun canja soket, sun karɓi kuɗinsu. Daga baya aka ɗauko wani dattijo mai gyaran wuta.

Baba bai fara da buɗe komai ba. Tambaya ya yi ta yi: ƙarfe nawa abin ke faruwa, kuma shagunan wa da wa? Da ya ji cewa wani na dushewa wani na ƙaruwa a lokaci guda, sai ya ce nutural ce. Ginin layi uku ke shigarsa, kowanne bolt 230 tsakaninsa da nutural, kuma duk ukun waya ɗaya suke rabawa wajen komawa. In ta yi sako-sako, layin da aka fi ɗora wa kaya sai ya faɗi, sauran su hau, har su doshi 400 idan ta tsinke gaba ɗaya.

Ya dawo bayan isha'i, an rufe shaguna, shi da yaronsa da maigadi mai makullai. Mita ta nuna 230 a ko'ina.

"Baba, ai lafiya lau take," in ji yaron.

"Ba ta ɗauki kaya ba ne, yaro. Aro mini dutsen guga uku."

Abin lura ke nan: bai jira matsalar ta zo don kanta ba, ya mayar mata da yanayin da take fitowa a ciki. Ya jona duwatsun a layi ɗaya a sama, domin nutural bambancin nauyin layukan take ɗauka, kuma haɗin da bai ɗauru ba sai ya yi zafi yake saki. Bayan kamar minti ashirin layin ya sauka 170, na kusa da shi ya hau 280.

Sauran aikin ƙafa ne. A babban allo na ƙasa awo bai motsa ba, a saman bene yana rawa, to ɓarnar tana tsakani. Ya raba tazarar biyu, ya sake rabawa, har hanci ya kai shi wani akwatin haɗi bayan dilolin atamfa, inda warin roba ke tashi. Ya kashe babban makunni, ya gwada ya tabbatar, sannan ya buɗe. Wani ne ya murɗe wayar alminiyam da ta tagulla da hannu, ya naɗe da salatif. Haɗin ya yi baƙi ƙirin, taku ɗaya daga yadi.

'Yan kasuwa, in kun ga fitilarku na ƙara haske ta maƙwabci na dushewa, kada ku tsaya sayen sabon ƙwai. Ku kashe babban makunni, ku kira mai mita.