Godiya Ga Babba: Da Wane Harshe?

Wata ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Keffi. Ranar wata Laraba, gab da magariba, zazzaɓi ya rufe ɗanta, ga shi ita ke da aikin dare. Wata babbar sista, wadda ta riga ta shiga aiki da shekara goma sha biyar, ta ce: "Zauna da yaronki, ni zan kwana." Washegari ƙanwar tawa ta zo gidanmu a Angwan Iya riƙe da waya. Ta ce: "Yaya, me zan rubuta mata? 'Ranki ya daɗe' ko 'Anti kin gama min komai'?"

Tambayar ba ƙarama ba ce. Idan ta rubuta irin ta ofis, "ina miƙa godiyata bisa haɗin kan da kika bayar", ta mayar da alheri kamar wani aikin da ke cikin jadawali. Alhali matar nan barcinta ta sadaukar, ba don doka ta sa ta ba. Idan kuma ta saki baki kamar da sa'arta take magana, sistar za ta iya jin an raina ta, ko ana ganin gobe ma sai a sake ɗora mata.

A ganina, kuskuren shi ne ɗaukar cewa dole a zaɓi ɗaya. Girmamawa wurinta kira da gaisuwa, sakin fuska kuma wurinsa abin da za a faɗa. Ka kira babba da sunan da ka saba kiransa a bakin aiki, don alherin dare ɗaya bai goge tazarar shekaru ba. Sannan ka faɗi ainihin abin da ya ɗauke maka.

Ga abin da muka tura: "Anti, ina kwana, ina gajiya? Jikin yaron da sauƙi, ya samu barci. Ba don ke ba, da ban san yadda zan yi ba. Allah ya saka da alheri. Darenki na Asabar nawa ne, in shugabar ɗaki ta amince."

Jimlar ƙarshen nan ita ce tukwicin. Wasu na cewa biyan babba raini ne. Ni dai ina ganin rainin shi ne ka ba shi kuɗi, ko ka yi shiru har ya tuna maka. Tayin dare ba raini ba ne. In ta yafe, ita ta yafe.

Na kuma hana ta yin godiyar a zauren WhatsApp na ma'aikata, kada kowa ya gane ƙofar da zai riƙa ƙwanƙwasawa. Saƙon waya ma share fage ne kawai. Ranar Juma'a ta taka har gida, ta rusuna ta gaishe ta.