Haƙurin Wa Ake Nema?

Karatu: Fitowa 18:1-27, 1 Bitrus 3:7

(Daga wa'azin ɗaurin aure a Sabon Tasha, Kaduna)

Ango da amarya, 'ya'yana cikin Ubangiji, yau kowa zai ce muku ku yi haƙuri. Amma na lura, idan an faɗi kalmar nan a wurin biki, amarya ake kallo. Shi ya sa zan fara da kai, ɗana.

Kai a Barnawa ka tashi, gidan ma'aikacin gwamnati, inda baƙo yakan buga waya kafin ya zo. Ita kuwa 'yar manomi ce daga wani ƙauye kusa da Zonkwa, inda ba a tambayar baƙo ranar tafiyarsa. Tun bayan rikicin shekarar 2000 da ya tara mu a wannan gefen kogi, irin aurenku ya yi yawa, kuma na ga inda yakan fara tsagewa.

Wata rana za ka dawo daga aiki a gajiye, ka tarar da kawunta a falo da buhun masara, ya zo asibiti, ba wanda ya sanar da kai. Ciki da falo ne gidan. Kana iya ba shi tabarma da abinci har kwana goma ba ka ce uffan ba, amma kana gaishe shi a tsaye, fuska a ɗaure. Jama'a za su ce ka yi haƙuri. Ni na ce jurewa kawai ka yi, domin a zuciyarka ka riga ka yanke cewa mutanenta ba su waye ba. Matarka za ta gane. Alamar ita ce za ta fara aika kuɗin taki gida a ɓoye.

Dubi Musa. Yana shugabantar dukan Isra'ila, surukinsa Yetro kuwa baƙo ne daga wata al'umma. Duk da haka Musa ne ya fita ya tarye shi, ya rusuna masa. Washegari tsohon ya ga kuskure a yadda yake shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, Musa ya saurara, ya gyara. Manzo Bitrus ma ya gargaɗi maza cewa rashin girmama mace yana iya tare addu'a. Mu da muke son azumi da addu'ar dare, mu ji wannan da kyau.

'Yata, ke ma akwai naki. Idan mijinki ya ce a riƙa faɗa masa kafin baƙo ya zo, kada ki kai ƙara gida cewa rowa gare shi. Haka aka rene shi, kuma kuɗin haya na jiransa. Ke ce za ki gaya wa naki dangin da bakinki, cikin ladabi, kada ki bar shi ya zama mugu a idonsu.

Ban ce a haɗiye duka ko zagi da sunan haƙuri ba. Idan ya kai can, ku zo wurin dattawan ikkilisiya tun da wuri.

Kafin watan nan ya ƙare, ku zauna ku biyu, ba uwar kowa a wurin. Ku yi addu'a, sa'an nan ku tsai da nawa za a riƙa aikawa kowane gida, da kwana nawa baƙo zai yi kafin ku sake magana a kansa.