Amin ɗin da Muke Nema a Bakin Wani

Addu'ar Bahaushe ba ta cika da baki ɗaya. Idan wani ya ce maka, "Allah ya kai mu," dole ka amsa da amin, in kuwa ka yi shiru za a ɗauka akwai wata a ƙasa. Saboda haka duk wanda ya aika wa mutane saƙon albarka ranar biki ya aika musu da abu biyu ne: fatan alheri, da kuma bashin amsa. Idan masu karɓa duka 'yan ikilisiya ɗaya ne, biyan bashin ba wuya. Amma mai bi da ke zaune a Ƙofar Kware, cikin tsohon birnin Sakkwato, da wuya jerin mutanensa ya zama haka. A cikin wayarsa akwai fastonsa, akwai mai gidan da yake haya, akwai ƙanwar mahaifinsa da ta yi aure cikin Musulmi, akwai abokin ciniki daga Illela ko Birnin Ƙonni. Tambayar ita ce: wace magana ce za ta isa gare su duka, ba tare da ya ɓoye Ubangijinsa ba, ba kuma tare da ya sa wani faɗin amin a kan abin da bai gaskata ba?

Ƙofar Kware ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar birnin da Muhammadu Bello ya soma ginawa a 1809, ta samu sunanta daga garin Kware da ke arewa da ita. Kirista a wannan unguwa ɗan tsiraru ne, ya kuma san haka. Bukukuwan ma ba su bar mu mu rabu ba, gama shekarar wata ta gaza ta rana da kwana kusan goma sha ɗaya, sai ranaku su riƙa zagayowa suna haɗuwa. A 2015 an yi hutun Maulidi ranar 24 ga Disamba, washegari Kirsimeti. A 2022, da 2023, da 2024, Ista ta faɗo cikin azumin Ramadan. Wanda ya aika saƙon tashin Almasihu a waɗannan shekaru, ya aika shi ne ga mutanen da ke da ƙishirwa a maƙogwaro, cikin watan da suka fi girmamawa.

Sa wa wanda ba ya cikin bangaskiyarmu albarka ba sabon abu ba ne. Littafin Farawa, sura 47, ya nuna Yakubu tsoho a gaban Fir'auna, ya sa masa albarka da shigarsa, ya sake sa masa da fitarsa. Fir'auna bai san Allahn Ibrahim ba, Yakubu kuwa bai jira ya san shi ba tukuna. Annabi Irmiya ma, a wasiƙar da ya aika wa kamammu a Babila, ya umarce su su nemi zaman lafiyar birnin, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. A Matiyu sura 5 kuma Ubangijinmu ya nuna cewa gaisuwar da ta tsaya ga 'yan'uwa kaɗai ba ta fi ta kowa ba. Don haka ba a kan ko za mu aika muke magana ba. Maganar tana kan yadda za a rubuta.

Mu ɗauki misalin wata uwa, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, asalinta ƙasar Zuru, inda ba abin mamaki ba ne a sami Kirista da Musulmi 'yan ɗaki ɗaya. Daren jajiberen Kirsimeti ta zauna za ta aika saƙo ɗaya ga mutum arba'in, kusan rabinsu Musulmi, cikinsu har da kawunta, dattijo mai riƙo da addininsa. Abin da ya fara zuwa hannunta shi ne irin wanda ake ta turawa: "Barkanmu da haihuwar Mai Cetonmu, Ɗan Allah. Jininsa ya rufe mu duka. Duk wanda ya gaskata ya ce amin." Ba ƙarya ko ɗaya a ciki bisa ga bangaskiyarta. Aibin yana cikin ƙaramar kalmar nan "mu". Hausa ba ta bambanta "mu" da ta haɗa da mai sauraro da "mu" da ta ware shi. Da kawu ya karanta "Mai Cetonmu", an riga an shigar da shi cikin shaidar da bai yi ba. Musulmi ya yarda budurwa Maryamu ce ta haifi Isa, yana kuma kiransa Almasihu, amma bai yarda Ɗan Allah ne ba, bai kuma yarda an gicciye shi ba. To, an bar wa dattijon nan hanya biyu, kowace da ƙaya: ya ce amin ya saɓa wa lamirinsa, ko ya yi shiru ya zama kamar ya wulakanta 'yar ƙanwarsa a gaban dangi. Kyautar da ta jefa mai karɓa cikin wannan hali ta zama tarko, ko da mai bayarwa ba ta nufa ba. Jimlar ƙarshe kuwa, wadda ke ƙirga masu amin, ta mai da gaisuwa jarrabawa.

Sai ta goge, ta rubuta na biyu: "Barka da hutu, Allah ya ba mu lafiya." Wannan ba wanda zai ɓata wa rai. Amma wane hutu? Kawu ya san ranar da ake ciki, ya kuma san abin da 'yarsa take yi wa murna. Zai gane an ɓoye masa wani abu, kamar ba a amince da hankalinsa ba. Yaranta kuma, da suke cikin jerin, za su koyi cewa sunan Yesu abin rufewa ne idan baƙi sun zo. A ganina wannan na biyu ya fi na farko haɗari ga ran mai rubutawa, gama na farko ganganci ne na himma, na biyu kuwa tsoro ne ya sa rigar ladabi.

Ba na raina tsoron. Mutanen Sakkwato ba su manta watan Mayu na 2022 ba, sa'ad da aka kashe wata ɗaliba Kirista a kan maganar da aka ce ta yi cikin saƙon waya ga 'yan ajinsu. Wanda bai zauna cikin birnin ba kada ya yi saurin koya wa mazauninsa jaruntaka. Sai dai faɗin abin da kake murna da shi daban yake da taɓa abin da wani yake girmamawa, maƙwabtan kirki kuma sun san wannan bambanci.

Mafita ita ce a raba saƙon gida biyu. Kashi na farko shaida ce, mai rubutawa ya faɗe ta da bakinsa, a kan kansa: "ni", ko "ni da iyalina". Shaida ba ta neman amin, ji kawai ake yi. Kashi na biyu roƙo ne, a nan ne ake zaɓen abin da kowa zai amsa da zuciya ɗaya. Ga yadda uwar nan za ta iya rubuta na uku:

"Kawu, iyayena, 'yan'uwa da abokan arziki, ina gaishe ku. Gobe ni da iyalina muna bikin haihuwar Yesu Almasihu, wanda shi ne begena, cikin sunansa kuma na tuna da kowannenku a addu'a. Allah ya ba ku lafiya, ya raya mana zuriya, ya yalwata abinci, ya kiyaye matafiyanmu a hanya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Ƙofa a buɗe take, akwai shinkafa."

Duba inda sunan Yesu ya zauna. Bai ɓace ba, shi ne ma a gaba. Amma yana cikin jimlar da ke ba da labarin abin da ita ta yi, ba a ƙarshen roƙon ba inda amin za ta faɗa a kansa. Kawu zai iya cewa amin ga lafiya da zuriya da zaman lafiya, ba tare da ya ci amanar abin da ya riƙe ba. Fasto ma zai ce amin, bai rasa kome ba. An kuma fara da babba, yadda tarbiyya ta tanada, gama saƙon da ya jera dattijo da jikansa a layi ɗaya ba gaisuwa ya riga ya rage daraja tun kafin a zo maganar addini.

Wani ɗan'uwa zai ce, "Ashe, ba zarafin bishara ba ne wannan? Me zai hana in faɗi dukan gaskiya?" Zarafi ne, amma ƙarami, kuma na taro. Magana mai nauyi irin ta gicciye tana bukatar fuska da fuska, inda mutum zai yi tambaya, ya yi musu, a amsa masa. Saƙon mutum arba'in ba ya ba da wannan fili. Abin da yake iya yi shi ne ya bar ƙofa a buɗe, har wata rana wani ya tambaya a keɓe, "Wai me kike nufi da begenki?"

Akwai kuma ɗaya gefen, wato ranar Salla, lokacin da mu ne masu taya murna. "Barka da Salla" ba ta da wuya, haka ma "Allah ya maimaita mana", domin roƙon tsawon rai ne. Wadda take sa mai bi ya dakata ita ce "Allah ya karɓi ibada". Masu bi na gari sun bambanta a kanta. Ni dai ba na rubuta ta, saboda ma'aunin da na sa wa saƙon Kirsimeti shi ne nake sa wa kaina: yadda ba na so in jawo amin daga bakin wani a kan abin da bai gaskata ba, haka ba na so in furta abin da zan kāsa bayyanawa in an tambaye ni. Akwai abin faɗi da yawa ban da ita: barka da shan ruwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar da ƙarfin jiki, ya sa a yi biki lafiya.

Ko an rubuta da kyau, wasu ba za su amsa ba. Kada a yi gaggawar fassara shirun. Malaman Musulunci sun saɓa a kan taya Kirista murnar bikinsa: wasu sun halatta saboda zumunci da maƙwabtaka, wasu sun hana. Ɗan'uwan da ya yi shiru ranar 25 ga Disamba, wataƙila maganar malaminsa yake bi, shi ne kuma za ka gani a ƙofar asibiti ranar da ɗanka ya kwanta. Wani zai amsa da "Na gode, a gai da yara" kawai, wannan ma amsa ce cikakkiya. A Luka sura 10 Ubangiji ya koya wa almajiran da ya aika cewa salamar da ba ta sami mazauni ba tana komowa ga mai ita, don haka ba a bin ta da ƙorafi, ba a kuma cire sunan mutum daga jerin baɗi.

Game da kawu kuwa, saƙon taro bai isa ba. Idan yana cikin gari, a tashi yaro da kwanon abinci, naman kuma ya zama yankan Musulmi, a kuma faɗa masa haka tun kafin ya tambaya. Da la'asar ita kanta ta taka, ta durƙusa ta gaishe shi. Idan yana Zuru, ta kira shi shi kaɗai, ta fara da tambayar ƙafarsa da ke ciwo.