DALA TA TASHI, KAYAN KUMA TSOHON SAYE NE: YA HALATTA A ƘARA KUƊI?



'Yan uwa 'yan kasuwa sun sha yi mini wannan tambaya: mutum ya sayo kaya lokacin da dala ke ƙasa, kayan na nan a shago, sai dala ta tashi. In ya ƙara kuɗi, ya zalunci mai saye?

Bari mu fara da lissafi kafin hukunci. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. A ce wani ɗan Kantin Kwari ya sayo bandir 100 na shadda, kowane dala 50, lokacin da dala ke naira 800. Bandir ya tsaya masa a 40,000, jarinsa miliyan huɗu ke nan. Ya saba ɗora 6,000, wadda a ciki yake biyan dako da haya, ya ci abinci. Ya sayar duka a 46,000, ya tara miliyan huɗu da dubu ɗari shida. A littafi ya ci riba.

To ya tashi sake saro, dala ta koma 1,500, bandir ya zama 75,000. Kuɗin nan nasa kaf, uwa da riba, bandir 61 kawai za su sayo. Nairarsa ta ƙaru, amma bandir 39 sun salwanta. In ya maimaita haka sau biyu ko uku, sai dai ya rufe shago. Jarin ɗan kasuwa ai kayan ne, ba takardun kuɗi ba.

Shi ya sa nake ganin sayar da tsohon kaya a farashin yau halal ne. Shari'a ba ta yanke iyakar riba ba. Lokacin da kaya suka yi tsada a Madina, an roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Sannan ku dubi zakka: malamanmu na Malikiyya sun ce mai shagon da ke juya kaya kullum, in shekara ta cika, da farashin ranar zai ƙimanta hajarsa, ba da yadda ya sayo ba. Tunda da darajar yau ake karɓar haƙƙin talaka a hannunsa, da wace hujja za a hana shi sayarwa da ita?

Amma fa, ɗan uwa, kada ka ɗauki wannan fatawa ka ruga. Ga inda nake ji mana tsoro.

A watan Afrilun 2024 naira ta farfaɗo, dala ta sauko ƙasa da 1,200. A lissafinmu bandir ya dawo 60,000. Sai ka ji wanda jiya yake cewa "ai da kuɗin saro na gobe ake sayarwa" yau yana cewa "wallahi da tsada na sayo, ba zan rage ba". In dala ta hau, farashin yau ne ma'auninsa. In ta sauka, sai ya koma wa tsohon rasit. Mudu biyu ke nan, ɗaya na karɓa, ɗaya na bayarwa, kuma irin halin da Suratul Muɗaffifin ta yi gargaɗi a kai. Gaskiya ne ba wanda zai tilasta maka sayar da kayanka da faɗuwa. Amma wanda ya kwashi ƙarin 35,000 a kowane tsohon bandir da sunan kare jari, a cikin wannan ƙarin ne ya kamata ya shanye faɗuwar 15,000 ranar da kasuwa ta juya.

Haka kuma ba komai ne dala ke ja daidai wa daida ba. Kuɗin kayan da na jirgin ruwa da na kwastan suna bin ta. Hayar shagon da ka riga ka biya ta shekara ba ta motsa ba. Ƙara abin da ya ƙaru, ka bar dala ta huta a kan sauran.

Sai harshe. Kana da damar cewa "kuɗinsa 81,000 ne". Ba ka da damar cewa "75,000 na sayo" alhali 40,000 ka biya. Wannan ƙarya ce, in ka haɗa da rantsuwa ta cinye albarkar cinikin. Kuma wanda ka ba kaya bashi a 46,000, cinikin ya riga ya ƙullu. Ƙara masa wani abu don dala ta tashi kafin ya biya, riba ce irin wadda Allah Ya haramta.

Don haka ka tambayi kanka tun kafin ka canza farashi: in gobe dala ta faɗi, da wannan mudun zan auna? In amsar e ce, sayar da kayanka hankali kwance.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya sauƙaƙa wa talakawa. Wallahu a'alam.