Tabarma ɗaya, kuɗi iri uku

Gulbin Kaba, kwarin da ya ratsa ƙasar Mayahi, daga kaba ya samo sunansa, kuma sana'ar tabarma da faifai da igiya ta daɗe a ƙauyukan yankin, har da na Attantane. A da, mai kaya yakan jira ranar kasuwa, dillali ya zo ya taya, a yi ciniki da sefa a tashi. Yanzu matashi mai waya yakan saye tabarmi daga hannun masu saƙa, ya ɗauki hotonsu ya saka a WhatsApp. Kafin la'asar mutum uku sun tambayi farashi: wata daga Maraɗi da sefa a hannunta, wani ɗan kasuwa daga Katsina da zai turo naira, da wani ɗan gari da ke aiki a Jidda, wanda ke so a kai wa iyalinsa kayan a gida shi kuma ya biya da riyal. Tabarmar ɗaya ce, amma sai an ba ta farashi uku, kuma a wajen fitar da farashin nan uku riba takan zube ba tare da mai kaya ya ga inda ta bi ba.

Abin da zai fara tsayarwa shi ne kuɗin da farashinsa ke zaune a ciki. Mai saƙa sefa take karɓa, mai mota sefa, hatsin gida ma da sefa ake auna shi. Saboda haka farashin gaskiya na sefa ne, sauran biyun kuwa kowanne daga shi ake fitar da shi kai tsaye. Wanda ya juya sefa zuwa naira, sannan ya juya nairar zuwa riyal, ya ɗora kuskuren lissafin farko a kan na biyu.

A ce ƙullin tabarmi goma ya tsaya masa jika 15, wato sefa 15,000. Kuɗin mota da ɗauri jika 2, ribar da yake nema jika 3. Farashi ya zama sefa 20,000. Ta Maraɗi an gama da ita. Saura na Katsina.

Ɗan canji ba farashi ɗaya gare shi ba, biyu ne. A ce a yau yana sayen jika a kan naira 2,500, yana sayar da ita a kan 2,600. Idan aka tambayi mutane nawa canji yake, galibi lambar da ta fi yawo a baki za su faɗa, ba tare da sun bambance ta saye da ta sayarwa ba. Mai tabarma naira za ta shigo masa, sefa yake bukata, don haka shi mai sayen jika ne, kuma lambarsa ita ce 2,600. In ya yi lissafi da 2,500 zai ce wa ɗan Katsina naira 50,000. Ranar da ya kai su gaban ɗan canji, sefa 19,230 za a ƙirga masa. Ya rasa 770, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ribarsa, alhali canjin bai motsa ko kaɗan ba. Da lambar da ta dace, farashin naira 52,000 ne.

Wannan kuwa farashin yau ne kawai, kuma ba yau zai canza kuɗin ba. Hoto ya hau waya ranar Litinin, mai saye ya yi ta taye-taye har Laraba, kuɗi su shiga asusun wani ɗan'uwa ko mai POS a can tsallaken iyaka ranar Alhamis, su iso hannu a matsayin sefa ranar Asabar. Kwanakin nan da ke tsakani su ne haɗarin, kuma da su ake auna ƙarin da za a ɗora. Ni a ganina babban kuskure shi ne mutum ya ce zai ƙara kashi goma cikin ɗari don ya ji wani na yin haka. Hanyar da ta fi ita ce ya riƙe ɗan littafi, kullum ya kira ɗan canjin da yake hulɗa da shi ya rubuta nawa ake sayar da jika. Bayan wata ɗaya ko biyu sai ya duba: cikin kowane kwana biyar, mene ne tashi mafi girma da jika ta yi? A ce naira 80 ne. To sai ya yi lissafinsa da 2,680, farashi ya zama 53,600. Ya ƙara ladan turawa da cirewa, a ce naira 500, ya kai 54,100. Wanda ke iya canza kuɗinsa a yinin da suka shigo ba ya bukatar ƙari mai yawa haka. Wanda sai ranar kasuwa yake ganin ɗan canji yana bukatar fiye.

Sai a ƙarshe a cike lambar, sau ɗaya tak, kuma sama ake cikewa. Babu mai rubuta 54,100 a jikin hoto, 54,500 zai sa. Ɗari huɗun da suka hau ba kyauta ba ce, wani ɓangare ne na kariyar, kuma ya kamata ya san iyakar inda ta kai shi. Ya cire ladan turawa, saura 54,000. Ya raba da jika 20 ɗin da yake nema, ya sami 2,700. Ma'ana, muddin jika ba ta wuce naira 2,700 ba, ribarsa cikakkiya ce. Ya sake rabawa da jika 17 na uwar kuɗi da mota, ya sami wajen 3,176, daga nan kuma asara ta fara cin jari. In jika ta kai 2,900, sefa 18,620 zai karɓa, kusan rabin riba ya tafi. Lambobin nan biyu ya rubuta su kusa da kowane kaya. Ranar da ɗan canji ya ambaci abin da ya haura ta farko, ranar zai sauke tsohon farashi daga waya, ko da jiya ya saka shi.

Wanda yake ganin wannan tsoro ya yi yawa ya tuna abin da ya faru ba da daɗewa ba. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yanke mata daraja. Dalar Amurka da ake bayarwa a hukumance wajen naira 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kuma a farkon 2024 ta kai wajen 1,500. A tsakanin nan aka rufe iyakar Nijar da Nijeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, abin da ya ƙara tsawaita kwanakin da kuɗi ke yi a hanya. Babu ƙarin kashi uku ko biyar da zai tare irin wannan faɗuwa. A irin wannan lokaci abin da ke ceton mai kaya shi ne gajarta wa'adi: ya rubuta cewa farashin naira na yau ne zuwa magariba, ko ya faɗi na sefa kawai, a juya shi a lokacin biya. Bashi kuwa, in har za a bayar, tun farko a yi magana a fili cewa sefa ake bi, don kada ranar biya zumunci ya ɓaci a kan canji.

Ƙananan kaya sun fi wuyar cikewa. Faifai na sefa 300, da lissafin 2,700, naira 810 ne. Hannu yakan so ya rubuta 1,000 don ta fi daɗin faɗa, amma wannan ƙarin ya haura kashi ashirin cikin ɗari. Mai sayen guda ɗaya ba zai damu ba. Mai sayen goma zai ga ana nemansa da 10,000 a kan abin da bai wuce 8,100 ba, kuma ɗan kasuwar Katsina ba baƙon lissafin jika ba ne. Gara a sa guda ɗaya 850, a kuma yi wa goma nasu farashin, a haɗa jimla tukuna sannan a cike ta zuwa 8,500. A kula kuma da rubutu: mu a nan faifan dala sittin ne, amma mutumin Kano in ya ga dala a waya ta Amurka zai ɗauka, don haka a rubuta lambar sefa cikakkiya da sunan kuɗin a gefenta.

Na Jidda lissafinsa daban ne, kuma bai kamata a ɗora masa ƙarin da aka ɗora wa naira ba. Sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957. Riyal kuma a ɗaure yake da dalar Amurka tun 1986, dala ɗaya riyal 3.75. Abin da ke motsa riyal a kan sefa shi ne motsin dala a kan yuro, wanda a yawancin makonni kaɗan ne, ko da yake yakan taru a hankali: a 2022 yuro ya faɗi ƙasa da dala, har dala ɗaya ta haura sefa 655. Ga riyal, abin da ya fi cin kuɗi shi ne ladan mai turowa da farashin da shi yake bayarwa. A ce bayan ya cire nasa riyal ɗaya na isowa a sefa 150. Jika 20 ta zama riyal 133 da ɗoriya, a cike zuwa 135, ya wadatar. Riyal kuɗi ne mai nauyi, kowane guda dala talatin ne na gida, don haka cikewa zuwa 150 ƙarin sefa 2,500 ne a kan ɗan'uwan da ke wahala a ƙasar mutane. In da yuro za a biya, babu motsin canji sam, yuro 30 da rabi ne, a ce 31 a ƙara ladan turawa. Ɗaurin sefa ma hukunci ne na gwamnatoci, an taɓa sauya shi a Janairun 1994 lokacin da aka rage mata rabin darajarta, amma wannan ba abin da ake sakawa cikin farashin tabarma ba ne.

Akwai alamar da ke nuna ƙari ya yi yawa. Ɗan Katsina zai buga nasa lissafin, ya ga 52,000 ta isa ta saya masa jika 20 a Jibiya ko Ɗan Isa, ya ce shi zai canza da kansa ya turo sefa. Mai tabarma ya karɓa hannu bibbiyu, domin abin da yake nema ke nan tun farko, haɗarin kwanakin ya koma wuyan wanda ya zaɓi ɗaukarsa. Sai dai in masu naira suka daina tambaya gaba ɗaya, ko kowa ya koma cewa an tsuga masa, to littafin canji ya kamata a sake buɗewa. Wataƙila naira ta lafa makonni da dama, ko ma ta ɗan farfaɗo, shi kuma yana nan da ƙarin da ya sa a lokacin tashin hankali. A irin wannan hali sai ya sauko da lambar lissafi daga 2,680 zuwa abin da makonnin baya-bayan nan suka nuna, ya sake fitar da farashin naira daga sefa 20,000 ɗin nan, ya sa sabuwar rana a ƙarƙashin hoton.